Tambayoyi da Amsoshi: Me Ya Sa Cinikin Gwal Yake Tashi a Lokacin Bukukuwa da Kakar Aure?

Duk wanda yake harkar gwal, ko mai tara shi kaɗan-kaɗan, ya taɓa jin an ce kasuwa za ta motsa saboda Indiyawa sun shiga watannin biki. Tambayoyin nan su ne masu yawan dawowa a bakin 'yan kasuwa da mata masu sayen sarƙa da awarwaro. Yawancin amsoshin a kan Indiya suke, domin a nan ne al'amarin ya fi fitowa fili, sai kuma ƙasar Sin da wasu ƙasashen inda suka dace.

1. Waɗanne ƙasashe ake nufi, kuma me ya sa kullum sai an ambaci Indiya?

Indiya da Sin su biyu kaɗai suna sayen kusan rabin kayan adon zinariyar da ake sayarwa a duniya kowace shekara. A lissafin Majalisar Zinariya ta Duniya, a shekarar 2024 Indiyawa sun sayi kayan ado na kimanin tan 563, Sinawa kuma kimanin tan 479. Idan aka tuna cewa duk abin da mahaƙan duniya suke tonowa a shekara bai wuce tan 3,600 da 'yan kai ba, za a gane girman wannan ciniki. Bayan su akwai Turkiyya da Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kowace da nata lokacin.

Indiya ta fi jan hankali ne saboda dalilai biyu. Kusan duk zinariyar da take amfani da ita daga waje take shigowa, don haka idan buƙatarta ta tashi sai an gani a tashoshin jiragen sama da matatun Suwizalan da kasuwar Dubai. Sannan cinikinta yana bin kalanda sosai, har mutum zai iya duba ranakun shekara ya faɗi makon da shaguna za su cika da wanda za su yi tsit.

2. Mene ne haɗin aure da gwal a Indiya, har ya kai a ce rabin ciniki na amare ne?

Kiyasin da aka fi yarda da shi shi ne kusan rabin gwal ɗin da ake saya a Indiya a shekara na hidimar aure ne. Kwalliya tana ciki, amma dukiya ce gaba. A al'adar Hindu akwai abin da ake kira stridhan, wato dukiyar mace ta ƙashin kanta: duk abin da iyayenta da danginta da dangin miji suka ba ta lokacin aure, nata ne, kuma doka ta amince da haka. Shekaru aru-aru gona da gida 'ya'ya maza ne suke gadonsu, sai a shekarar 2005 aka gyara dokar gadon Hindu ta ba 'ya'ya mata rabo daidai da na maza a dukiyar gidan. Kafin nan, hanyar da uba yake da ita ta ba 'yarsa kasonta ita ce ya sa mata shi a wuya da hannu ranar da za ta bar gida. Gona ba ta bin amarya zuwa garin miji, amma sarƙa tana binta.

Ya kamata a bambanta wannan da kuɗin da dangin ango suke nema daga iyayen amarya, wanda dokar 1961 ta haramta ko da yake bai mutu ba. A aikace abubuwan biyu sukan cakuɗe, kuma nan ne ɓangaren da yake da ciwo: akwai iyayen da suke cin bashi don kada a raina 'yarsu a gidan miji, akwai kuma matan da ake karɓe musu gwal ɗin da a doka nasu ne. Duk mai kallon hoton amaryar jihar Kerala ta kudancin Indiya da sarƙoƙi jere daga wuya har ciki ya tuna cewa wani lokaci shekara ashirin ta tanadin mahaifiya ce yake gani, wani lokaci kuma bashi ne.

Akwai kuma abin da aure ba ya ɗauruwa sai da shi. Abin wuyan da ango yake ɗaura wa amarya, wanda ake kira mangalsutra a arewa, thali a kudu, kusan koyaushe da zinariya a jikinsa. Ko talaka ne, wannan sai ya saya.

3. To ai ana aure kowane wata. Me ya sa za a ce akwai kakar aure?

A yawancin gidajen Hindu ba a tsayar da ranar aure sai malamin addininsu ya duba kalanda ya fitar da sa'ar da suke ganin tana da albarka. Kalandar kuma tana da dogayen lokutan da ba a ɗaura aure a cikinsu. Mafi tsawo shi ne Chaturmas, wata huɗu daga wajen Yuli zuwa Nuwamba, wanda ya yi daidai da damina. A arewacin ƙasar akwai kuma wata guda daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, da wani daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Afrilu. A jihar Tamil Nadu ana guje wa watan Aadi, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Idan aka cire waɗannan duka, aure na miliyoyin mutane sai ya matsu cikin 'yan makonni: ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, tsakiyar Janairu zuwa farkon Maris, sai kuma Afrilu zuwa Yuni.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya san yadda ɗaurin aure yake yawaita gab da azumi da kuma bayan kaka. Bambancin shi ne a can ranakun a rubuce suke tun farkon shekara, mai shago yana iya ƙirga su. Shekarar da ranakun suka yi yawa ciniki yakan fi kyau, shekarar da suka yi kaɗan kuwa masu shaguna tun da wuri suke rage odar kaya. Game da shekarun da kalandar take gocewa, a duba tambaya ta 6.

4. Waɗanne bukukuwa ne ake sayen gwal a cikinsu ko da ba aure?

Biyu ne manya. Na farko Dhanteras, ranar farko ta kwanaki biyar na bikin Diwali, wadda take faɗowa a Oktoba ko Nuwamba. A 2024 ta zo ranar 29 ga Oktoba, a 2025 kuma 18 ga Oktoba. Mabiya addinin Hindu sun yi imani cewa shigo da ƙarfe mai daraja gida a wannan rana yana jawo arziki, don haka mai hali ya sayi sarƙa, mai ƙaramin ƙarfi ya sayi ƙwandalar giram ɗaya ko ta azurfa, wanda bai da ko wannan ya sayi kwanon girki. Na biyu Akshaya Tritiya, a Afrilu ko Mayu, ya fi ƙarfi a kudanci. Kalmar akshaya tana nufin abin da ba ya ƙarewa, kuma imaninsu shi ne dukiyar da aka saya ran nan ba ta raguwa.

Akwai ƙananan bukukuwa na yanki-yanki, kamar Onam a Kerala cikin Agusta ko Satumba, da Pongal a Tamil Nadu cikin Janairu, da Durga Puja a Bengal. Abin lura shi ne cinikin biki da na aure ba a rabe suke ba. Uwar da za ta aurar da 'yarta a Disamba takan jira Dhanteras ta karɓi kayan amaryar, ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Shi ya sa watanni ukun ƙarshen shekara suke fin kowane lokaci ciniki a yawancin shekaru: biki da aure da kuɗin kaka duk sun haɗu wuri guda.

5. Ina ruwan damina da kaka a cinikin gwal?

Ruwansu babba ne, kuma a ganina wannan ne ɓangaren da aka fi mantawa da shi. Kusan kashi 60 cikin 100 na buƙatar gwal a Indiya daga karkara take fitowa. Daminarsu tana sauka daga Yuni zuwa Satumba, a girbe shinkafa da auduga da waken suya a Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin Diwali. Alkamar da aka shuka da sanyi kuma ana girbe ta wajen Afrilu, daidai lokacin Akshaya Tritiya. Ke nan bukukuwan biyu na sayen gwal kowanne yana zaune ne a bakin girbi. Imani yana sa mutum ya so saye a ranar, amma kuɗin amfanin gona ne yake ba shi ikon sayen.

Manomin da ya sayar da audugarsa yana da tambaya ɗaya, ina zai ajiye kuɗin da ba za su narke ba kafin shuka ta gaba. A ƙauyukan da banki yake da nisa, ko mutane ba su saba da shi ba, awarwaron matar gida shi ne asusu. Idan shekara ta yi kyau a ƙara ɗaya, idan ta ɓaci a kai ɗaya jingina a karɓo kuɗin iri da taki. Bayar da bashi a kan jinginar gwal babbar sana'a ce a ƙasar, da manyan kamfanoni irin su Muthoot da Manappuram waɗanda suka taso daga Kerala. Mai kiwo a ƙasar Hausa da yake mayar da kuɗin hatsi tumaki zai gane wannan lissafin ba tare da dogon bayani ba.

Saboda haka dillalan gwal a Mumbai suna bin rahoton ruwan sama kamar manoma. Idan damina ta yi gardama, Dhanteras za ta zo a kan lokacinta, shaguna za su yi ado da fitilu, amma mai shirin sayen giram 20 zai koma giram 8, wasu ma su zo sayarwa.

6. Akwai lokacin da ciniki yake mutuwa?

Akwai. Kimanin mako biyu a cikin Satumba ko farkon Oktoba, lokacin da ake kira Pitru Paksha, ana tunawa da magabatan da suka rasu, kuma mutane da yawa ba sa sayen sabon abu mai tsada. Shagunan gwal sukan yi shiru, sai kuma da zarar kwanakin sun wuce a shiga bikin Navratri, ciniki ya ɓarke. Wanda ya kalli alƙaluman Satumba kaɗai zai ɗauka kasuwa ta lalace, alhali cinikin ne aka tura gaba.

Kalandar Hindu tana bin wata ne amma ana daidaita ta da rana, ta hanyar ƙara wata guda kusan duk bayan shekara uku. Shi ma wannan ƙarin watan ba a aure a cikinsa, kuma yana tura bukukuwa gaba. A 2023 ya faɗo daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, sai Dhanteras ta kai har 10 ga Nuwamba. Wannan yana da amfani ga mai kwatanta shekara da shekara, domin cinikin da ya faɗo a Oktoba bara yana iya faɗowa a Nuwamba bana, ba tare da wani abu ya canza a aljihun mutane ba.

7. Yaya ake lissafin kuɗin kayan amarya, kuma nawa ne ainihin kuɗin zinariyar a ciki?

Yawancin kayan amaren Indiya karat 22 ne, wato kashi 916 cikin 1,000 zinariya ce, sauran jan ƙarfe ko azurfa ne don ya yi ƙwari. Ana auna shi da giram, amma tsofaffin ma'aunai suna nan a baki: tola giram 11.66 ce, a Kerala da Tamil Nadu kuma ana ƙirga da pavan, giram 8. Idan aka ce an yi wa amarya pavan 25, giram 200 ke nan. Tun Yuni 2021 doka ta fara tilasta buga hatimin inganci, don haka a jikin kaya za a ga `22K916` da tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta Indiya, BIS, da wata lamba mai haruffa shida da ake kira `HUID`, wadda mai saye zai iya bincikawa a waya.

Ga misali da farashin da muka ƙaddara don sauƙin lissafi. A ce giram ɗaya na karat 22 rupi 6,400 ne, uwar amarya kuma tana son sarƙa da 'yan kunne da awarwaro biyu, duka giram 40. Kuɗin zinariyar rupi 256,000. Mai shago zai ɗora kuɗin ƙira, a ce kashi 12 cikin 100, wato 30,720, jimla ta zama 286,720. Sai harajin kaya na kashi 3 cikin 100 a kan jimlar, kimanin 8,600. Abin da za ta biya ya kama rupi 295,300 da 'yan kai. Idan larura ta sa ta dawo da kayan washegari, mafi yawan abin da za ta samu shi ne kuɗin zinariyar, 256,000, wani lokaci ma a ɗan zaftare. Kusan rupi 39,000 sun tafi, wato kashi 13 cikin 100 na abin da ta biya.

Wannan ne ya sa rangwamen da shaguna suke shela a lokacin biki kusan kullum a kan kuɗin ƙira yake, ba a kan zinariyar ba. Shi ya sa kuma matan karkara suka fi son awarwaro mai kauri marar zane da yawa: aikinsa kaɗan ne, asararsa ranar sayarwa kaɗan ce. Kayan da aka cika da duwatsu sun fi kowanne cin mai shi, musamman idan an auna dutsen tare da zinariyar.

8. Idan gwal ya yi tsada, ana fasa saye ne?

Aure ba ya jiran farashi, amma nauyin kaya yana bin sa. Yawancin iyalai kuɗi suke warewa, ba giram ba. Mu koma ga uwar amaryar tambaya ta 7, mu ce rupi 300,000 ta tanada. A farashin 6,400, idan aka haɗa ƙira da haraji, kowane giram yana tsaya mata a kan kimanin 7,380, kuɗinta ya sayi giram 40 da rabi. Idan farashi ya hau zuwa 8,000, giram ya koma kimanin 9,230, kuɗin nan dai ba zai wuce giram 32 da rabi ba. Mai shago ya karɓi kuɗin da ya saba karɓa, amma giram 8 sun ɓace daga lissafin ƙasa. Don haka za ka ji rahoto ɗaya ya ce cinikin Dhanteras ya ƙaru, wani ya ce ya ragu, kuma duka gaskiya suka faɗa: ɗaya kuɗi ya ƙirga, ɗaya nauyi.

Giɓin nan ana cike shi ta hanyoyi sanannu. A kawo tsofaffin awarwaron kaka a narka a yi sabon yayi, a biya kuɗin ƙira kawai. A koma karat 18, ko a zaɓi ƙirar da take da faɗi a ido amma cikinta fanko ne. Kiyasi ya nuna gidajen Indiya suna riƙe da kusan tan 25,000 na zinariya, don haka duk lokacin da farashi ya yi tsalle akwai rumbun da ake ɗiba daga ciki maimakon a shigo da sabo.

Abin da yake kashe ciniki fiye da tsada shi ne farashi mai rawa. Idan yana hawa da sauka kullum mutane sukan dakata su ga inda zai tsaya. Idan kuma ya faɗi warwas, ba a jiran biki. A tsakiyar Afrilun 2013 farashin duniya ya zube da kusan kashi 13 cikin 100 a ranakun ciniki biyu, sai mutane suka yi dafifi a shagunan Indiya da Sin, iyaye suna sayen kayan auren da ba a ma sa ranarsa ba. Wannan yana nuna cewa buƙatar tana nan kwance duk shekara, kalanda da farashi ne suke zaɓar ranar da za ta fito.

9. Yaushe 'yan kasuwa suke fara shiri, kuma ta yaya ake gane kakar za ta yi kyau?

Sarƙar da aka saya a Dhanteras ba ran nan aka ƙera ta ba. Tun Agusta da Satumba bankuna da dillalan da aka ba izini suke shigo da sandunan zinariya, akasari daga Suwizalan da Dubai, a kai wa maƙera a Mumbai da Kolkata da Rajkot da Coimbatore da Thrissur. Kayan amarya mai aikin hannu yana cin makonni. Ke nan motsin da kasuwar duniya take ji yana riga bikin da wata ɗaya ko biyu, kuma wanda ya jira ranar Diwali don ya ci ribar tashin farashi ya makara.

Alamar da masu harkar suke dubawa ita ce tazarar da ke tsakanin farashin dillalai a cikin gida da farashin duniya bayan an haɗa haraji. Idan buƙata ta yi ƙarfi, dillalan kasuwar Zaveri ta Mumbai sukan ɗora 'yan daloli a kan kowace oza, wato giram 31.1. Idan ciniki ya yi sanyi sai su koma rangwame don su rabu da kaya. Idan aka ga rangwame mai yawa ana saura mako biyu Dhanteras, to shaguna sun cika da kaya, masu saye ba su fito ba.

Gwamnati ma tana iya dagula lissafin. A 2013, don rage fitar kuɗin waje, an ɗaga harajin shigo da zinariya zuwa kashi 10 cikin 100, aka kuma sa dokar cewa kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka shigo da shi sai an sake fitar da shi a matsayin kayan ado. Kaya suka yi ƙaranci a kakar auren shekarar, fasa-ƙwauri ya bunƙasa, har aka janye dokar a Nuwamba 2014. A Yulin 2024 kuma aka yi akasin haka, aka rage harajin daga kashi 15 zuwa 6, sai mutane suka ruga saye tun Agusta, wani ɓangare na cinikin Diwali ya rigayi Diwali.

10. Me ya faru a shekarar da aka hana taron biki?

Shekarar 2020 ta zama kamar gwaji. Akshaya Tritiya ta faɗo ranar 26 ga Afrilu, ƙasar tana kulle saboda korona, shaguna a rufe, aka ɗage bukukuwan aure. Buƙatar zinariya ta Indiya gaba ɗaya ta sauko zuwa kimanin tan 446 a shekarar, alhali ta saba kaiwa 700 zuwa 800. Da aka buɗe gari, auren da aka jinkirta suka taru, sai a watanni ukun ƙarshen 2021 aka sayi kayan ado na kimanin tan 265, adadin da ba a taɓa gani ba a zango ɗaya kafin nan. Cinikin aure ana ɗage shi ne, yana dawowa. Na ranar biki kuwa, irin ƙwandalar da ake saya don albarkar ranar, idan ranar ta wuce ya wuce.

11. Haka abin yake a Sin da ƙasashen Musulmi?

A Sin babban lokaci shi ne Sabuwar Shekararsu, a ƙarshen Janairu ko Fabrairu, sai hutun mako guda na farkon Oktoba wanda ake yawan aure a cikinsa. Sun fi son karat 24, kuma ana ba yara da iyaye kyautar 'yar ƙwandala ko abin wuya mai siffar dabbar shekarar. A aure dangin ango suna kawo abin da suke kira zinariya uku, galibi zobe da sarƙa da 'yan kunne, a kudu kuma, wajen Guangdong da Hong Kong, ana jera wa amarya awarwaro masu zanen dodon tatsuniyarsu da tsuntsuwarsa. Masu shaguna suna sarin kaya tun Disamba daga unguwar Shuibei ta birnin Shenzhen. Sai dai aure ya ragu a ƙasar: daga sama da miliyan 13 da aka yi rajista a 2013 zuwa kimanin miliyan 6 a 2024, kuma masu sayar da kayan amare suna jin hakan a jikinsu.

A Turkiyya lokacin zafi ne kakar aure, baƙi kuma suna maƙala wa ango da amarya 'yar ƙwandalar gwal mai nauyin giram 1.75, wadda idan naka bikin ya zo za a mayar maka da irinta, kamar yadda biki yake a wajen matan Hausawa. A Masar ango yana kai shabka, kayan gwal na baiko, akasari karat 21. A ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha ciniki yana tashi gab da Sallah da bayanta, da lokacin Hajji da Umara sa'ad da alhazai suke sayen tsaraba. Tunda watannin Musulunci suna ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, wannan kakar ba ta da mazauni ɗaya a kalandar Bature, saɓanin ta Indiya da aka ɗaure da girbi kamar yadda aka gani a tambaya ta 5.

12. Shin bikin Indiya ne yake tsadar da gwal a Kano ko Maraɗi? In jira ya wuce kafin in sayi na lefe?

A'a, kada a gina shawara a kan wannan. Farashin duniya a kasuwannin Landan da New York da Shanghai ake yanke shi, kuma masu juya shi su ne masu zuba jari da manyan bankunan ƙasashe da darajar dala da kuɗin ruwa a Amurka. Manyan bankunan ƙasashe kaɗai sun sayi sama da tan 1,000 a kowace shekara daga 2022 zuwa 2024, kusan ninki biyu na kayan adon Indiya na shekara. Oza ta haye dala 3,000 a Maris 2025, ta haye 4,000 a Oktoban shekarar, alhali nauyin kayan adon da ake saya a Indiya da Sin raguwa yake yi saboda tsadar. Masu sayen kayan ado sun fi bin farashi fiye da yadda suke jan sa, kamar yadda tambaya ta 8 ta nuna. Abin da suke yi shi ne tare shi idan ya faɗi, domin nan take suke fitowa saye. Tunda kowa ya san ranar Diwali tun bara, dillalai sun riga sun sa ta a lissafi.

Ga mai saye a Najeriya, abu biyu ne suke yanke abin da zai biya a kan giram: farashin oza da dala, da kuma canjin dala zuwa naira. Sau da yawa na biyun ya fi na farkon tasiri. Mai saye a Nijar ya fi samun sauƙi ta wannan fuska, tunda sefa a ɗaure take da yuro. Inda kakar aurenmu take taɓa aljihu shi ne a ribar mai shago da kuɗin ƙira, domin gab da azumi ko ƙarshen shekara, lokacin da kowa yake haɗa lefe, ragi yakan yi wuya kuma yayin da ake so yakan ƙare. Wadda take da sarari ta yi yadda iyayen amaren Indiya suke yi, ta riƙa saye kaɗan-kaɗan tun da sauran lokaci. Kowane saye a auna a gabanta, a rubuta mata karat da nauyi da kuɗin aiki daban-daban a rasit, sannan ta tambayi mai shagon nawa zai karɓi giram ɗin idan ta dawo da shi.